Yadda ake gwada oda da takardar shigar kaya da inbois kafin a biya mai kawo kaya

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga sababbin akantoci da masu kawo wa kamfanoni kaya ita ce: kaya sun shiga sito, an sa hannu, an miƙa inbois, to me ya hana kuɗi fita? Kusan kullum amsar tana cikin takardu uku da suka ƙi cin juna. Ta farko ita ce oda, wadda sashen saye ya rubuta, tana faɗin abin da aka nema da farashin da aka daidaita a kai. Ta biyu takardar shigar kaya ce, wadda mai kula da sito ya cike, tana faɗin abin da ya iso hannu. Ta uku kuma inbois, wato takardar neman biya da mai kawo kaya ya turo. Mutum uku ne suka rubuta su, kowa a ranarsa, kuma ba a sakin kuɗi sai bakinsu ya zo ɗaya.

Zan bi matakan da misali guda tun daga farko har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, ban sa musu sunan wani kuɗi ba, kuma na cire haraji don lissafin ya fito fili.

1. Fara da oda, ka karanta ta layi-layi

Kar ka fara da inbois, ko da ita ce a saman tebur. Oda ce ma'auni. Ka ɗauko lambar odar da ke jikin inbois ɗin ka buɗe ta a manhaja, idan kuma da takarda kuke aiki ka ciro kwafinta daga fayil. A SAP, wato manhajar da kamfanoni da yawa ke tafiyar da saye da lissafinsu da ita, ana duba ta da umarnin `ME23N`. Ga odar misalinmu:

Layi na 10: takardar A4, kwali 200, kowane kwali 50, jimla 10,000.
Layi na 20: tawadar firinta, guda 40, kowace 120, jimla 4,800.
Layi na 30: safar hannu, kwali 30, kowane kwali 25, jimla 750.

Odar gaba ɗaya ta kama 15,550. A kowane layi abu huɗu za ka riƙe: lambar kayan, yawansu, ma'aunin da aka ƙirga su da shi, da farashin guda. Daga nan ka leƙa sharuɗɗan da ke ƙasa, musamman wanda zai ɗauki kuɗin dako da kwanakin da aka yi alkawarin biya a cikinsu.

Gargaɗi: ka tabbata odar da kake kallo ita ce ta ƙarshe da aka amince da ita. Ana yi wa oda gyara bayan an tura ta, kuma idan kai kana riƙe da tsohuwa mai kawo kaya yana riƙe da sabuwa, za ku kwana kuna musu alhali kowa da gaskiyarsa. Idan kuwa inbois ta zo ba lambar oda a jikinta, kar ka yi ta lalube kana neman wadda ta yi kama da ita. Mayar da ita a rubuto lambar.

2. Takardar shigar kaya: abin da aka ƙirga kawai

Nan ne rabin matsalar take haihuwa, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Direba yakan zo da takardar rakiyar kaya daga wajen mai kawowa. Wannan takarda maganar mai kawo kaya ce, ba shaidar kamfaninku ba ce. Shaidarku ita ce wadda mai kula da sito ya cike bayan ya ƙirga da hannunsa. Kuskuren da ake yi kullum shi ne a kwafe adadin da ke takardar rakiya a zuba a ta shigar kaya, saboda direba yana sauri, mota na tare hanya, la'asar ta yi. Da zarar an yi haka, takardu ukun sun koma biyu, domin mai kawo kaya ne ya yi magana sau biyu.

A misalinmu mai sito ya yi aikinsa. Takardar rakiya ta ce kwalin takarda 200, ya ƙirga ya samu 200 ɗin, amma kwali 20 da ke gindin mota ruwa ya jiƙa su, gefensu ya kumbura. Ya ƙi karɓarsu, ya rubuta a jikin takardar rakiya cewa an mayar da 20, direba ya sa hannu, aka ɗauki hoto. Sai ya shigar da 180 a layi na 10, guda 40 a layi na 20, kwali 30 a layi na 30. A SAP wannan aikin `MIGO` ne, da nau'in motsi 101, wato na karɓar kaya a kan oda.

Abin da za ka yi a matsayinka na akanta shi ne ka tattaro duk shigarwar da aka yi a kan odar, domin oda ɗaya kan iya zuwa a mota biyu ko uku, kowace da takardarta. Ka haɗa su, ka cire wanda aka soke ko aka mayar daga baya, sannan ka cire wanda wata inbois ta riga ta cinye. Abin da ya rage shi ne adadin da za a iya biya yau.

Gargaɗi ga mai sito: ka shigar da kaya ranar da suka iso. A gogewata, inbois ɗin da suka fi yawan maƙalewa ba ha'inci ne ya riƙe su ba, kayan suna nan jibge a sito, takardar ce ke cikin aljihun tebur ba a shigar ba. Manhaja ba ta da ido. Abin da ba a shigar ba, a wajenta bai zo ba.

Gargaɗi ga akanta: kar ka taɓa shigar da kaya da kanka don inbois ta wuce, kuma kar ka kira mai sito ka ce ya cike 200 tunda sauran suna hanya. Ranar da aka zo ƙidayar sito aka ga giɓin kwali 20, sa hannunsa za a gani, shi za a tuhuma.

3. Tantance inbois ɗin kanta

Wannan ba ya cin lokaci. Ka duba sunan mai kawo kaya ya yi daidai da na kan oda, nau'in kuɗin ɗaya ne, kwanan wata yana nan, kuma lambar inbois ɗin ba a taɓa shigar da ita ba. Ka sake lissafa kowane layi da kanka, yawa sau farashi, ka ga jimlar ta tashi daidai. A lambar inbois ka shigar da ita harafi-harafi yadda take. Idan yau an rubuta `INV-0457` gobe wani ya rubuta `457`, manhajar da ke binciken maimaici za ta iya ɗaukarsu takardu biyu ne daban.

Ga abin da inbois ɗin misalinmu ta ƙunsa:

Takardar A4, kwali 200 a kan 50, jimla 10,000.
Tawadar firinta, guda 40 a kan 126, jimla 5,040.
Safar hannu, guda 3,000 a kan 0.25, jimla 750.
Kuɗin dako, 300.

Jimla 16,090.

4. Gwadawar kanta: yawa da sito, farashi da oda

Ƙa'idar gajeriya ce, kuma ita ce zuciyar aikin. Yawan da ke inbois da takardar shigar kaya ake gwada shi. Farashin da ke inbois da oda ake gwada shi. Kuma layi da layi ake yi, ba jimla da jimla ba.

Dubi abin da zai faru idan ka tsaya a jimla. Inbois 16,090, oda 15,550, bambanci 540. Mai gaggawa zai ce ai dako ne da ɗan ƙarin farashi, ya wuce da ita. Amma kayan da suka shiga sito a farashin oda sun kama 9,000 da 4,800 da 750, wato 14,550. Ainihin abin da inbois ta ɗara shi ne 1,540. Kuɗin kwalayen da aka mayar, wato 1,000, ya ɓuya ne saboda oda da inbois duk sun ce 200, sito kaɗai ya san 180 ne.

Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Layi na 10 farashi ya yi daidai, yawa ya ɗara da kwali 20, wato 1,000. Layi na 20 yawa ya yi daidai, farashi ya hau daga 120 zuwa 126, ƙarin 6 a kan guda 40, wato 240, kashi 5 cikin ɗari kenan. Kuɗin dako 300 ba shi da layi a oda ko kaɗan, don haka ba abin da za a gwada shi da shi.

Layi na 30 kuwa shi ne mai ruɗar sabon hannu. Kuɗin ya yi daidai cif, 750 da 750, amma oda ta ce kwali 30, inbois ta ce guda 3,000. Kowane kwali safa 100 ne a ciki, ke nan ba wanda ya cuci wani. Sai dai idan ka buga 3,000 a gurbin yawa ba ka juya shi zuwa kwali ba, manhaja za ta ga an nemi kuɗin kwali 3,000 alhali 30 suka shigo, ta kuma ga farashi ya faɗo daga 25 zuwa 0.25. A nan gyaran na hannunka ne: ka tabbatar da adadin da ke cikin kwali daga bayanan kayan ko daga bakin mai sito, ka shigar da kwali 30 a kan 25.

Gargaɗi: wannan layin kaɗai ne cikin huɗun da akanta ke da hurumin daidaitawa, domin bai canza adadi ko kuɗi ba, ma'auni kawai ya fassara. Sauran ukun ba naka ba ne. Ka shigar da inbois yadda mai kawo kaya ya rubuto ta, da kurakuranta. Idan ka rage 200 zuwa 180 a ɓoye don ta wuce, littafinka zai ce ana binku 9,000, littafinsa zai ce 10,000, kuma dubun nan za ta yi ta yawo a takardar bayanin asusu wata da watanni ba wanda ya san asalinta.

5. Iyakar sassauci

Ba kowane bambanci ne ke tsayar da biya ba. Kamfani yakan sa iyakar da za a lamunta, don kada a ɓata yinin ma'aikaci uku a kan 'yan canjin da suka taso daga cike lissafi. Ana sa ta a kaso cikin ɗari, ko a adadin kuɗi, kuma wanda ya fi shi ne a haɗa biyun. Dalili kuwa kashi 2 cikin ɗari na odar 500 ba komai ba ne, amma na odar 5,000,000 ya kai 100,000.

A ce kamfanin misalinmu ya sa kashi 2 cikin ɗari ko 100 a kan farashi, duk wanda aka fara ƙetarawa, sannan bai yarda da ko guda ɗaya sama da abin da aka karɓa ba. Tawadar ta ƙetare duka biyun. Da a kan 121 aka rubuto ta, da ƙarin 40 ne kacal, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, da ta wuce shiru. A SAP waɗannan iyakokin suna ƙarƙashin maɓallan sassauci, `PP` na farashi, `DQ` na yawa, `BD` na ƙananan bambance-bambance.

Ra'ayina shi ne a bar iyakar yawa a sifili ga duk abin da ake ƙirgawa guda-guda. Abin da ake aunawa a sikeli ko a lita, kamar yashi ko mai, shi ne ke buƙatar ɗan sarari, domin sikeli biyu ba sa faɗin abu ɗaya daidai wa daida.

Gargaɗi: masu kawo kaya sukan gane iyakar. Idan ka ga wani kullum farashinsa yana ɗara na oda da kashi 1.9 cikin ɗari, ba tsautsayi ba ne. Kowane wata uku a ciro jerin bambance-bambancen da suka wuce ba tare da an tsayar da su ba, a jera su bisa sunan mai kawowa.

6. Abin da ke faruwa idan an tsayar da inbois

Tsayarwa ba ƙin karɓa ba ce. Inbois ta shiga littafi, bashin ya hau kan kamfani, sai dai an sa mata alamar da za ta sa a tsallake ta ranar da ake fitar da kuɗi. A SAP bayan ka shigar da ita da `MIRO` za ka ga alamar `R` a gurbin hana biya, kuma `F110`, umarnin da ke fitar da biya, ba zai ɗauke ta ba. A Oracle, wata manhajar irin SAP, za ka ga riƙo mai suna `Qty Rec` ko `Price`. Ka lura da cewa layi ɗaya ya isa ya riƙe inbois ɗin gaba ɗaya, har da layukan da ba su da laifi.

Me ya sa ake tsanantawa haka? Saboda kuɗin da bai fita ba a hannunka yake, wanda ya fita kuwa sai ka bi shi da roƙo. Kafin biya, mai kawo kaya ne ke neman ka, zai aiko da gyara cikin kwana ɗaya. Bayan biya kai ne za ka yi ta buga waya.

Akwai kuma dalilin lissafi. Lokacin da mai sito ya shigar da kwali 180, manhaja ta ƙara 9,000 a asusun kaya, ta ajiye kishiyarsa a wani asusun wucin gadi da ake kira `GR/IR`, ma'ana kaya sun shigo ana jiran inbois. Idan inbois ta zo sai ta share wannan 9,000 ta mayar da shi bashin mai kawo kaya. Tamu ta zo da 10,000, sai 1,000 ya rage a asusun yana reto ba abokin tafiya. Duk ragowar da ka gani a `GR/IR` ɗayan biyu ne: ko kaya sun shigo ba inbois, ko inbois ta shigo ba kaya. Yana cikin wuraren da masu binciken kuɗi sukan leƙa a ƙarshen shekara.

7. Miƙa kowane bambanci ga mai shi

Aikinka yanzu shi ne ka gano takardar da ta yi kuskure cikin ukun, ka tura wa wanda ya rubuta ta ya gyara. Ka tura da cikakken bayani: lambar oda, lambar layi, abin da kowace takarda ta ce, da bambancin a kuɗi. Saƙon da ya ce “inbois ɗin wane ta maƙale, a duba” sati zai yi ba amsa.

Kwali 20 na layi na 10 sito za a fara tambaya, ko akwai wata mota da ta zo ba a shigar ba. Idan babu, hanya biyu ce. Ko mai kawo kaya ya ciko 20 ɗin, a yi sabuwar shigarwa, dalilin tsayarwar ya faɗi da kansa. Ko kuma ya turo takardar ragi ta kwali 20, wato 1,000. A misalinmu ya ce ba shi da sauran kaya, ya turo takardar ragi. Daga nan sai sashen saye ya rufe layin a kan 180, in ba haka ba odar za ta ci gaba da nuna ana jiran kwali 20 har abada, kuma wannan ƙofa ce da wata inbois za ta iya shigowa ta ciki.

Ƙarin 240 na tawada maganar jami'in saye ce. Idan ya amince da sabon farashi ta waya ya manta bai gyara oda ba, sai ya gyara ta, ta sake bi ta hannun mai amincewa. Idan bai san da zancen ba, mai kawo kaya zai turo takardar ragi. A namu bai sani ba, aka turo ragin 240.

Gargaɗi: waɗannan takardun ragi biyu ba iri ɗaya ba ne. Ta 1,000 tana rage yawa da kuɗi tare. Ta 240 kuɗi kawai take ragewa, tawada 40 na nan yadda suke. A `MIRO` ta farko `Credit Memo` ce, ta biyu `Subsequent Credit`. Idan ka shigar da ta biyu a matsayin ta farko da yawa 40, manhaja za ta ɗauka ba a taɓa cajin tawadar ba, ta buɗe wa wata inbois ta guda 40 hanya. Na taɓa yin wannan kuskuren ina sabon shiga, ban gane ba sai da aka zo rufe wata.

Dako kuwa sharuɗɗan oda ne za su raba gardama. An duba aka ga an rubuta cewa mai saye ne zai ɗauka, ba a dai buɗe masa layi ba. Jami'in saye ya ƙara shi, shugabansa ya amince. Abin da za a biya ya zama 16,090 a cire 1,000 a cire 240, saura 14,850, wanda ya yi daidai da kayan 14,550 da dakon 300.

8. Sakin inbois, da kuɗin da jinkiri ke ci

Idan takardu sun daidaita sai a saki. A SAP `MRBR` yana nuna duk inbois ɗin da aka tsayar da dalilin kowace, yana kuma iya sakin waɗanda dalilinsu ya kau. Akwai saki da hannu, inda mutum ke cewa na ga bambancin amma a biya. Wannan ikon kada ya kasance a hannun wanda ya shigar da inbois ɗin, kuma duk wanda ya yi amfani da shi ya rubuta dalili.

Jinkirin ba kyauta ba ne. Idan sharaɗin biya `2/10 net 30` ne, wato ragin kashi 2 cikin ɗari ga wanda ya biya cikin kwana 10, cikakken kuɗi a kwana 30, to kwana goma sha ɗaya ana jiran amsar sito zai cinye ragin. A kan kayan 14,550 ragin 291 ne, ya fi 240 ɗin da aka yi ta faɗa a kai na tawada. Saboda haka a riƙa buɗe jerin waɗanda aka tsayar kowace rana, a fara da masu ragin da ke gab da ƙarewa. Kuma saboda aikin yana cin lokacin ma'aikata, kamfanoni da yawa ba sa yin gwajin uku, wato gwada takardu ukun nan da juna, a kan kuɗin haya ko na wuta, inda ba kayan da za a ƙirga. Aikin hannu kamar gyaran inji shi ma ba ya shiga sito, sai wanda aka yi wa aikin ya sa hannu a takardar kammala aiki ta tsaya a gurbin ta shigar kaya.

9. Abin da gwajin ba ya kamawa

Takardu ukun za su iya cin juna sarai a kuma yi asara. Idan mutum ɗaya ne ke rubuta oda yana kuma shigar da kaya, zai iya ƙirƙiro duka biyun, manhaja ta sanya albarka. Idan farashin da ke oda tun asali an kumbura shi, inbois za ta yi daidai da shi. Idan an buɗe kwali bayan sati aka ga tawadar jabu ce, gwajin bai san da wannan ba, sai in kamfani ya ƙara takarda ta huɗu ta duba inganci kafin biya.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne lambar asusun banki. Inbois za ta iya zama daidai a kowane layi, amma an turo wasiƙa cewa mai kawo kaya ya sauya banki. Gwajin uku ba ya duba inda kuɗi za su sauka. Kar a biya a asusun da ke jikin inbois ko wasiƙa, a biya a wanda ke rajistar masu kawo kaya. Duk buƙatar sauya shi a tabbatar da ita ta hanyar kiran lambar wayar da kuka daɗe da ita a fayil, ba wadda aka rubuto a wasiƙar ba, kuma mutum biyu su sa hannu kafin a canza.